Ta Sha Anko a Hoto, Amma Ita Ce Kuwa?

Wata sabuwar hidima ta shigo wa teloli da masu sayar da atamfa ta waya. Kafin a sa almakashi, mai kaya za ta turo hotonta, tela ya haɗa shi da hoton atamfar ya loda wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, cikin ɗan lokaci sai ga ta sanye da riga da siket ɗin da ba a ma yanka ba. Kamfanin Google ya fara irin wannan gwajin tufafi ga masu sayayya a Amurka a 2023, yau kuma manhajoji da dama suna yi a wayar hannu. Matsalar ita ce hoton yakan fito da kyau ko da ya yi ƙarya, kyan nan kuma shi ke hana ido bincike.

Dalilin ƙaryar yana cikin yadda aikin ke gudana. Manhajar ba ta ɗaukar rigar ta manna a jikin mutum. Sake zana hoton take yi, bisa abin da ta koya daga tarin hotuna. Wasu manhajojin suna killace wurin tufafin su sake zana shi kaɗai, wasu kuwa duk hoton suke sakewa, har fuska da bangon ɗaki. Duk inda abu ya shige mata duhu, sai ta cike da abin da ta fi sabawa da gani. Don haka ba a yanke wa hoton hukunci shi kaɗai. Sai an ajiye shaidu biyu a gefensa: hoton mutumin na asali da hoton yadin na asali.

A ce amarya ta fitar da anko, ƙawarta ta turo hotonta tana tsaye, hannu ɗaya riƙe da jaka, tana so ta ga yadda atamfar za ta karɓe ta. Da fuska ake farawa, domin idan ita ta canza, sauran binciken ɓata lokaci ne. Kada a tsaya tambayar ko ta yi kama da ita. A zuƙo hotunan biyu daidai da juna, a nemi abubuwan da ita kaɗai ke da su: wushirya, tawadar Allah a gefen hanci, tsagen gado a kumatu, tabon wata tsohuwar ƙuna, girar da ta ɗan fi ɗayar ɗagawa. Irin waɗannan manhaja take ɗauka a matsayin datti ta goge. Sannan a duba launin fata. Sau da yawa baƙa kan fito wankan tarwaɗa, hanci ya ƙara tsini, kumatu su zube. Hanya mai sauƙi ta kama wannan ita ce gwada hasken fuskar da na wuya da bayan hannu. Wasu matan, a gaskiya, sun fi son wadda aka haskaka ɗin, amma tela mai son zaman lafiya ya sani launin da ya karɓi waccan fuskar ba lallai ya karɓi ta gaskiyar ba.

Tsayuwa ba ta ɗaukar lokaci. A riƙa juyawa tsakanin hotunan biyu da sauri a fuskar waya. Abin da ya gusa zai yi tsalle a ido. Kafaɗa tana inda take? Jakar tana hannun da take? A ƙirga yatsu, a duba zobe da agogo da zanen lalle, musamman inda hannu ya ɗora a kan riga, domin nan ne manhaja take rasa iyakar fata da yadi. Wanda ke da manhajar gyaran hoto irin Photoshop zai iya ɗora hoton ɗaya a kan ɗaya ya zaɓi Difference: duk inda ba a taɓa ba zai koma baƙi ƙirin. Idan fuska ko bango ya fito da haske, an sake zana su.

Zaman kaya a jiki shi ne wurin da kuɗi ke salwanta. Manhaja ba ta san awo ba, ba ta taɓa riƙe tef ba. Takan gyara jikin ya dace da rigar maimakon rigar ta dace da jikin, ta tsuke ƙugu, ta rage damtse, ta ƙara tsawo. Shaidar tana bayan mutumin: layin ƙofa ko tayil da ya lanƙwashe kusa da ƙugu, ko ratar da ta ɓullo tsakanin hannu da jiki wadda babu ita a da. Akwai kuma halin yadin kansa. Sabuwar atamfa tana da tauri, ninkinta manya ne masu kaifi, shadda tana ƙyalli a inda ta karye, leshi yana nuna shafin da ke ƙarƙashinsa. Idan atamfa ta zubo lumui kamar siliki, hoton ya yi alkawarin da keken ɗinki ba zai cika ba. Ko hoton ya tsallake duk wannan, salo kawai yake nunawa; awo yana nan a wuyan tela.

Sai zanen atamfar, wanda ya fi buƙatar haƙuri, kuma lissafi ne ke raba gardama. A auna yadin na gaske. A ce furen yana maimaituwa duk bayan inci 6, tsawon siket ɗin ƙawar amarya kuma inci 42 ne. Ke nan layi 7 na fure ya kamata a gani daga ƙugu zuwa ƙasa. Idan an ƙirga 12 a hoton, manhajar ta ƙanƙantar da zanen, kuma ranar karɓar ɗinki mai kaya za ta tarar da manyan furanni ta ce, “Malam, ai ba wannan na gani ba.” Bayan ƙirga sai a zaɓi fure ɗaya a ƙirji da ɗaya a gindin siket a gwada su da na yadin: ganye nawa, launi nawa, ina kan furen ya fuskanta. A atamfa ta gaske zanen iri ɗaya ne tun daga farkon turmi har ƙarshe, a hoton da aka ƙaga kuwa yakan narke sannu a hankali, fure mai kunne biyar ya koma mai shida. Wani abin kuma, ɗinkin gaske yana yanke zane a kafaɗa da gefe da bakin zif. Furen da ya ratsa daga ƙirji zuwa hannu ba tare da yankewa ba fenti ne aka shafa.

Kayan maza ma ba su tsira ba, har sun fi shan wuya. Aikin babbar riga irin aska takwas ba daidai yake a ɓangarorin biyu ba: askakin suna gangarowa ne ta ɓangaren aljihu, hagun mai sanye da ita. Manhaja tana son daidaito, sai ta raba aikin biyu ko ta juya shi, ta mai da zanen hular zanna bukar wasu ɗige-ɗige marasa tsari. Maɓallan kaftani ma a ƙirga su.

Abu biyu na ɓata binciken tun kafin a fara. WhatsApp yana matse hoto ya cinye ƙananan zane, don haka a turo shi ta Document. Sannan idan an ga kuskure, kada a nemi gyara a kan hoton da aka riga aka gyara, domin kowane zagaye yana ƙara nisanta fuskar daga mai ita. A koma kan na asali a sake. Idan kuma manhajar ta zame mayafi ko ta buɗe wuyan rigar fiye da yadda aka nema, wannan hoton ba na turawa ba ne, ba kuma na ɗorawa a talla ba, ko da sauran ya yi daidai, sai mai hoton ta gani ta amince.