Idan Kika Ga An Cire Kuɗin Da Ba Ki Sani Ba: Yadda Ake Rubuta Wa Banki Takarda

Uwargida, ki ɗan rage wutar girkin nan ki matso kusa, don zancen yau na kuɗinki ne, kuɗin da kika tara da guminki a cikin ɗaki, ko na ɗinkin hula, ko na ƙuli-ƙuli, ko na kwasar adashe.

Da yawanmu yanzu muna da asusu a banki, amma ba mu ke zuwa bankin ba. Katin yana hannun yaro ko ƙani, shi ake aika ya ciro ya kawo. To idan aka kawo miki takardar bayanin asusu ta ƙarshen wata, wadda ake kira sitetimen, kika ga an cire wani kuɗi da ba ki san da shi ba, me za ki yi? Wata sai ta yi ta ƙorafi a tsakar gida, wata ta aika yaro ya je ya faɗa da baki. Yaro ya dawo ya ce, “Sun ce za su duba.” Shi ke nan an wuce wurin. Maganar baki ba ta barin sawu a banki. Abin da ke barin sawu shi ne takarda, ita ma gajeriya, wadda ba ta cika shafi ɗaya ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a gida ta karɓi takardarta ta watan Maris. A jikin takardar akwai layi-layi. Kowane layi yana da kwanan wata, da ɗan bayani, da lamba, da yawan kuɗi. Inda aka rubuta CR, kuɗi ne ya shigo. Inda aka rubuta DR, kuɗi ne ya fita. Tana bi da yatsa sai ta tarar ranar 14 ga wata an cire naira 18,500, an rubuta POS a gefe, da sunan wani shago da ba ta taɓa ji ba. Ita kuwa ranar ko ƙofar gida ba ta leƙa ba.

Kafin ta ɗauki biro, akwai abin da za ta fara yi, kuma ba ya jiran gobe: ta sa a rufe katin. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa a waya ko lambar kira ta rufe kati, ana samun ta a bayan katin ko a takardun da aka ba ki ranar buɗe asusu. Idan ɓarawo ne ya samu hanya, wanda ya ci sau ɗaya zai dawo, takarda kuwa sai ta kwana kafin a karanta ta.

Bayan haka sai bincike a cikin gida, kuma a nan nake so mu faɗa wa juna gaskiya. Ki tambayi duk wanda katin ya taɓa shiga hannunsa, cikin lalama, ba da tsawa ba. Sau da yawa sunan da ke fitowa a takarda ba shi ne sunan da muka san mai POS ɗin unguwa da shi ba. Ke kin san shi da Ɗan Bala na bakin masallaci, takarda kuma ta fito da sunan kamfanin da ya yi rajista da shi. Sai ki ɗauka baƙo ne, alhali ke kika aiki yaro ranar kin manta. Ki duba saƙonnin wayarki na ranar, ki duba littafin cinikinki. Ki kuma duba layukan da suka biyo baya, ko an mayar da kuɗin nan daidai a ɓangaren CR bayan kwana ɗaya ko biyu. In an mayar, magana ta ƙare.

Haka kuma kada ki ɓata takarda a kan ƙananan kuɗin da banki ke cira bisa ƙa'ida, irin kuɗin saƙon alat, da harajin naira 50 da gwamnati ke karɓa idan an tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama. Suna da ciwo, ban ce ba su da shi ba, amma ba sata ba ne. Sai dai in kin ga an cire abu ɗaya sau biyu.

To baiwar Allahn nan ta bincika. Katinta yana cikin adaka tun farkon wata, ba wanda ta aika, ba a mayar da kuɗin ba. Yanzu ne lokacin takarda. Ga yadda za ta rubuta, ki saurara da kyau:

“2 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Manaja, Banki kaza, reshen wuri kaza.

Ƙorafi a kan cire kuɗin da ban sani ba.

Ni wance, mai asusu lamba kaza a wannan reshe, na ga a takardar bayanin asusuna ta watan Maris cewa ranar 14 ga Maris, 2025 an cire mini naira 18,500 ta hanyar POS, da lambar shaida kaza. Ban yi wannan ciniki ba, ban kuma ba kowa izinin yin sa ba. Katina yana hannuna a wannan rana. Na sa an rufe katin ranar 1 ga Afrilu.

Ina neman a bincika, a mayar mini da kuɗina, a kuma ba ni amsa a rubuce. Na haɗa da kwafin takardar, na ja layi a ƙarƙashin wurin.

Wance 'yar wane, da lambar waya, da sa hannu.”

Iyakarta ke nan. Kin ji babu doguwar gaisuwa, babu labarin yadda aka sha wahala aka tara kuɗin, babu Allah ya isa. Ma'aikacin da zai karanta, abin da zai buga a na'urarsa kawai yake nema: lambar asusu mai lamba goma, da kwanan wata, da yawan kuɗi, da lambar shaidar nan da ke kan layin. Ki kwafe ta harafi da harafi kamar yadda take, ko da doguwa ce. Da ita ake gano wace na'ura ce ta karɓi kuɗin, da ƙarfe nawa, da asusun da ya faɗa. In kika rubuta “wajen tsakiyar wata an cire mini kusan dubu ashirin”, kin ba su dalilin ajiye takardarki a gefe.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda ta ce katina yana hannuna. Idan ba haka ba ne, kada ki rubuta haka. In katin yana wurin ɗanki, ki ce yana wurin ɗanki. Banki yana iya ganin ko an saka katin a na'ura an buga lambar sirri, ko kuwa lambobin jikinsa aka yi amfani da su daga nesa. Idan suka kama ƙarya ɗaya, sauran gaskiyarki ta tafi da ita. Kuma ba zan rufe ki ba, 'yar uwa: in bincike ya nuna da katinki da lambar sirrinki aka cire kuɗin, da wuya banki ya biya, don za su ce ke kika bayar da lambar. A nan sai dai a dawo gida a zauna da wanda aka ba amana.

Akwai wani nau'in kuma da ya fi sauƙi. Kin aiki yaro, ya saka kati, na'ura ta ce bai yi ba, mai POS bai ba shi ko kwabo ba, amma alat ya shigo an cire. Wannan kin san da shi, maƙalewa ya yi. Sai ki canza jimla ɗaya: “Na yi yunƙurin cire wannan kuɗi, an cire a asusuna, amma ba a ba ni ba.” Ki haɗa da 'yar takardar da na'urar ta fitar, shi ya sa yake da kyau a koya wa yara kada su yar da ita. A shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan na POS cikin awa 72. In ya kai mako bai dawo ba, kina da bakin magana.

Abin da ba a sa wa a takarda kuwa: lambar sirri ta kati, da lambobi ukun nan na bayansa, da lambar da ake turowa a waya don tabbatar da ciniki. In sai an ambaci katin, lambobi huɗu na ƙarshe sun isa. Kuma bayan kin kai ƙorafi, in wani ya bugo ya ce daga banki yake, ki karanto masa lambar da aka turo miki don a mayar miki da kuɗi, ki kashe wayar. Ba a buƙatar lambar sirrinki kafin a zuba miki kuɗi.

Na san wata za ta ce, “Ni ban iya boko ba.” Aikin banki da Turanci ake yinsa, don haka ki faɗa wa 'yarki ko ƙanwarki 'yar makaranta ta rubuta da Turanci, sannan ta karanta miki ta mayar da Hausa, ki ji abin da kika faɗa shi ne a ciki. Sa hannu kuma naki ne, ba na maigida ba, ba na yaro ba, irin wanda kika yi ranar buɗe asusu. In dangwale kika yi a lokacin, dangwalen za ki yi.

Sai kaiwa. A yi kwafi biyu. Wanda kika aika ya miƙa ɗaya a teburin kula da abokan hulɗa, ya ce a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗayan, ya dawo miki da ita. Ya kuma nemi lambar ƙorafi, don banki yana ba kowane ƙorafi lambarsa. Ki ja masa kunne kada ya baro wurin ba hatimi. Wani lokaci za su ce sai mai asusu ta zo da kanta ta cike fom. Gara ki yi wa maigida bayani tun farko, ki nuna masa takardar, don in hakan ta taso ya ba ki izini ko ya raka ki, ki tafi da katin shaidarki.

Daga ranar da ke jikin hatimin nan za ki fara ƙirga. Tsarin Babban Banki shi ne ki ba bankinki mako biyu. In sun wuce ba amsa, ko an ba ki amsar da ba ta gamsar da ke ba, sai ki kai ƙara Sashen Kare Hakkin Abokan Hulɗa na Babban Banki, ko ta reshensu da ke babban birnin jiharku, ko ta cpd@cbn.gov.ng idan akwai mai taya ki aikawa. Abin da za su nema shi ne shaidar cewa kin fara kai wa bankinki kuka. Shaidar ita ce kwafin nan mai hatimi, don haka ki sa ta a leda tare da takardar watan Maris ɗin, ki ajiye a ƙasan adaka inda yara ba za su naɗe gyaɗa da ita ba.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, ku huta lafiya.