Lesin a Unguwa: Tsayar da Lokaci Kafin Ka Yanke Kuɗi

A Kawo, Badarawa ko Unguwar Rimi, yaro na tashi daga boko da azahar, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya har dab da magariba. Don haka ɗalibin sakandare da ke son fara koyar da yaran unguwa lesin, lokaci zai fara nema kafin ya yi maganar kuɗi.

Islamiyyu da yawa suna hutu ranar Alhamis da Juma'a, kamar yadda makarantun allo suka saba. Yammacin waɗannan ranaku, daga la'asar zuwa ƙarfe biyar da rabi, shi ne damarka. Ka ƙara rana ta uku a ƙarshen mako, bayan ka tambayi iyaye lokacin da yaran ba su da karatu. Idan lesin ya ci karo da Islamiyya, lesin ɗin za a ajiye.

Sai kuɗi. Mu ɗauka ka tara yara biyar 'yan aji shida na firamare masu shirin jarrabawar shiga sakandare, kana koya musu lissafi sau uku a mako. Zama 12 ke nan a wata. Idan kowa ya biya naira 2,000, ka tashi da 10,000. Cire 1,000 na alli da takardu, saura 9,000, wato naira 750 kowane zama. Amma idan sai ka hau mota daga Kawo zuwa Malali, a ce zuwa da dawowa 600, naira 150 kacal za ta rage maka. Shi ya sa ya fi kyau ka tsaya inda ƙafa za ta kai ka.

Ka karɓi kuɗin a makon farko na wata, lokacin da albashi bai ƙare a hannun ma'aikata ba. Ka kuma faɗa tun farko cewa kuɗin wata ne, ko yaro ya yi fashi.

Neman iyaye ba ya buƙatar allon talla. Fara da maƙwabta, kuma da izinin gida. Mahaifiyarka ko yayarka za ta fi ka iya kai maganar cikin gidaje. Wurin karatun ya zama zaure ko tsakar gida, inda babba zai riƙa ganinku.

Ranar farko, ba kowane yaro tambayoyi goma, ka adana takardar. Wanda ya kasa rabawa, sau da yawa haddar sau ce bai iya ba, sai ka koma can da shi. Bayan mako huɗu ka sake ba su irin tambayoyin. Uwar da ta ga ɗanta ya tashi daga uku zuwa bakwai, ita za ta kawo maka 'ya'yan maƙwabciyarta. Idan kuwa makin bai motsa ba, ka duba ko aikin gida kawai kake yi wa yaran, ko kuma ka haɗa azuzuwa daban-daban a zama ɗaya.