Gargaɗi ga jama'ar Parakou da Djougou: ku duba wuya kafin ku yarda da hoto

Iyaye, 'yan'uwa mata da masu ɗakin hoto, daga Zongo da kasuwar Arzeke a Parakou har zuwa Djougou, a yi hattara. 'Yan damfarar da ake kira gayman suna iya ɗaukar fuskar 'yarku daga hoton biki su ɗora ta a jikin wata a hoton banza, sannan su ce a turo kuɗi ta MoMo ko su watsa.

Inda asirinsu ya fi tonuwa shi ne fata. A ce an ɗauki amarya da babbar kyamara, a haske mai kyau. Fuskar nan ta fito tsaf: ƙananan ramukan fata a hanci da kumatu, gashin gira ɗaya bayan ɗaya, har ƙyallin jan baki. Jikin da aka ɗora ta a kai kuwa daga tsohon bidiyo aka ciro shi, wanda ya sha yawo a WhatsApp har ya dusashe. To ku buɗa hoton da yatsu biyu, ku bi layin haɓa zuwa kunne. Idan ana ganin ramukan fata a kumatu amma wuya ya yi sumul kamar an shafe shi da laka, alhali nisansu ɗaya da kyamara, akwai lauje cikin naɗi. Hoton da aka ɗauka a duhu yana da ɗigo-ɗigo ko'ina, bango da riga da fuska baki ɗaya. Fuskar da ta fito fes a tsakiyar ɗigo-ɗigo, daga wani hoton ta zo.

Ku dubi kwalliya kuma. Hodar gaske takan bi wuya ta ɓace sannu a hankali, ta aro kuwa takan tsaya cak a haɓa ko a gindin kunne. A bidiyo, kwalli da jan baki sukan yi rawa ko su sauya launi idan an juya kai.

Amma kada a dogara da wannan kaɗai. Gwanayen 'yan damfarar sukan dusar da fuskar da gangan ta yi daidai da jikin, kuma WhatsApp da kansa yana matse hoto ya goge shaidar. Sannan wayoyi da yawa suna gyara fuska su bar wuya, don haka hoton gaskiya ma yana iya kama da na bogi. Abin da ya fi ƙarfi shi ne a nemo hoton bikin na asali a jera su. Murmushi ɗaya, zanen gira ɗaya, haske ta gefe ɗaya: an gano inda aka sato fuskar.

Kada ku biya ko dala, wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada ku tura wa kowa don ya gani, kada ku tuhumi yarinyar kafin bincike. Ku adana saƙon da lambar wayar, ku kai ofishin 'yan sanda mafi kusa. Dokar harkokin intanet ta Benin, mai lamba 2017-20 ta 20 ga Afrilu 2018, ta tanadi hukunci kan laifukan intanet, kuma kotun CRIET na sauraron irin waɗannan shari'o'i.