Yadda ake gwada ko manhaja ta san inda take magana

Manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira ba ta ganin allon da amsarta za ta fito. Rubutu kawai take turawa. Idan ta yi amfani da tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, tauraro biyu a kowane gefen kalma za su kaurara ta a shafin da ya san tsarin. A saƙon SMS kuwa, taurarin ne za su fito tsirara, na'urar da ke karanta rubutu da murya ma tana iya furta su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka dole manhajar ta gano inda take daga alamun da ke cikin hirar, kuma wannan ganowar ce masu gwaji ke aunawa.

Sukan ɗauki tambaya guda, a ce yadda ake dama kunun gyaɗa, su rubuta hirarraki da dama a kanta, suna sauya alama ɗaya tak kowane karo. Idan aka sauya biyu, ba za a san wadda ta yi tasiri ba. A hira ta farko babu wata alama. A ta biyu, umarnin kamfani ya ce da murya za a karanta amsar. A ta uku, mai tambaya ya koka cewa taurari sun cika masa saƙon baya.

Ta huɗu ita ce tarko, kuma ta fi sauran amfani. A nan mai tambaya ya ce ya ga girkin a WhatsApp, alhali ba daga can yake rubutu ba. Manhajar da ta koma salon WhatsApp, mai tauraro ɗaya a kowane gefe, ta nuna cewa sunan da ta ji take bi, ba ta auna hujja ba. Gwajin da ba shi da irin wannan tarko zai yaba wa manhajar da ke canki-canka.

Kafin a ga ko amsa ɗaya ake rubuta ma'aunin maki. A hirar murya, misali, amsa mai tebur ko taurari sifili ce. Wadda ta cire alamomin amma ta cakuɗa matakai ta samu ɗaya. Maki biyu na wadda ta jera su da baki ne: da farko a niƙa gyaɗa, sannan a tace. Kwamfuta na iya ƙirga taurari, amma ko amsa ta yi daɗin sauraro, sai mutum biyu sun duba kowa daban. Idan makinsu ya yawaita saɓawa, ma'aunin ake gyarawa. Ana kuma maimaita kowace hira sau da yawa, domin manhajar ba ta ba da amsa iri ɗaya kullum.

Gwaji da Hausa yana da ƙarin sharaɗi. Saƙon SMS ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga, iyakar ta sauko zuwa 70. Amsar da ta ci maki da Turanci tana iya rabuwa gida uku a wayar Bahaushe, don haka sai an auna tsawonta daban.