Gilashin waya ya fashe, hotuna na ciki

Idan gilashin wayar Android ya fashe amma hoto yana fitowa, taɓawa ce kawai ta daina aiki, abin da sauƙi. Ka sayi ƙaramin mahaɗin OTG mai bakin da ya dace da wajen cajin wayarka, ka jona masa mawus na kwamfuta. Kibiya za ta bayyana a fuskar wayar. Da ita za ka zana layin sirrinka ko ka danna lambobinka, sannan ka kwashe hotuna zuwa Google Drive. Ka fara cika batir, domin mahaɗin ya tare wajen caji.

Idan kuwa fuskar ta yi baƙi ƙirin amma kira yana shigowa, cikin wayar lafiya lau yake. Jona ta da kwamfuta ba zai nuna komai ba, saboda wayoyin yanzu a rufe suke ajiye bayanai har sai an sa lambar sirri. Nan ne masu manhajojin “dawo da komai” ke cin kuɗin mutane a banza. Kai ta wurin mai gyara, ya jona wani gilashin na ɗan lokaci, ka buɗe da hannunka. Ka ja masa kunne kada ya yi mata filashin, domin shi ke share komai.