Juya eriyar rauta ko sayen babba: wanne ya fi kai sigina ɗaki?

Duk wanda waifai ya ƙi kai wa ɗakinsa yakan tsaya tsakanin abu biyu: ko ya gyara tsayuwar eriyoyin da suka zo da rautar, ko ya je kasuwa ya sayo dogayen nan da aka rubuta wa 9 dBi a jikin kwali. Na farko kyauta ne, shi ya sa ake raina shi. Amma a cikin gida na fi amincewa da shi, kuma dalilin yana cikin yadda sandar eriya take watsa sigina.

Mutane da yawa sukan nuna tsinin eriya zuwa ɗakin da suke son sigina ya je. Nan ne kuwa ya fi rauni. Sigina yana fita ne ta gefen sandar, ya kewaye ta ta kowace fuska. Idan sandar tana tsaye cak, sai ya bazu a kwance, gabas da yamma, kudu da arewa, ya bar saman kanta da ƙasanta da ɗan kaɗan. Saboda haka a gidan da ba bene, a tsayar da eriyoyin duka a miƙe. Idan akwai bene, a bar ɗaya a tsaye, a karkata ɗayar ko a kwantar da ita yadda gefenta zai fuskanci ɗakin sama. Wannan yana da wata fa'ida kuma, domin eriyar da ke cikin wayar hannu tana sauya tsayuwa gwargwadon yadda aka riƙe wayar, kuma saƙo ya fi shiga idan tsayuwar eriyoyin biyu ta yi kusa da juna. Sai dai kada a sa rai da yawa a kan wannan ɓangaren. A cikin ɗaki sigina yana dukan bango yana dawowa, yana jujjuyawa, har bambancin ya ragu sosai.

Ita kuwa doguwar eriya ba ta ƙara ko ɗigon ƙarfi. Ba ta da batir, ba ta jan wuta. Ƙarfin da rauta ta ba ta shi take rarrabawa, kamar curin kwaɓin gurasa da aka danna da tafin hannu: ya yi faɗi, amma kaurinsa ya tafi. Lambar dBi tana faɗin yawan dannawar ce. Eriya mai 2 dBi tana buɗewa sama da ƙasa kusan digiri 80. Mai 9 dBi ba ta kai digiri 20 ba. Nisan da ta samu a gefe, daga sama da ƙasa ta yanko shi.

A ɗauki gida mai bene ɗaya. Rauta tana falon ƙasa, ɗakin da ake kuka da shi yana sama, tsayin mita 3 daga rautar, nisan mita 5 ta gefe. Daga rauta zuwa ɗakin nan hawa ne na kusan digiri 31. Ƙaramar eriya tana kai digiri 40 sama da kwance, ɗakin yana cikin rabonta ke nan. Doguwar kuwa a wajen digiri 10 take tsayawa. Mai gidan zai biya kuɗi, ya ɗaura, ya tarar sigina ya ƙaru a bakin ƙofar waje, na ɗakin sama kuwa ya ragu. Abin da ya kamace shi shi ne ya kwantar da eriya ɗaya, ya kuma matso da rautar kusa da matattakala, inda babu dakalin kankare mai rodi tsakaninta da sama.

Nan ne nake ganin duka biyun suna da iyaka guda. Katangar bulo ko kankare tana iya cin desibel 10 ko fiye, kuma a zangon gigahaz 5 ta fi ci a kan na 2.4. Tashi daga 5 dBi zuwa 9 dBi ribar desibel 4 ce kawai. Ɗauke rauta daga bayan talabijin ko ƙarƙashin tebur, a ɗora ta a sama a tsakiyar gida yadda katanga ɗaya za ta fita daga hanya, ya fi wannan riba ninki biyu.

To yaushe eriyar waje take biyan kuɗinta? Lokacin da wurin da ake son kai wa yake fuska ɗaya, a fili, ido na ganin ido. Misali shago ko ɗakin baƙi da ke can ƙarshen farfajiya, mita 60 daga babban gida. A nan faffaɗar eriya mai fuska ɗaya, mai 14 dBi, tana aiki na gaske, domin a fili kowane ƙarin desibel 6 yana ninka nisa. Tana kuma ƙara wa rauta ji, ba murya kaɗai ba, wanda yake da muhimmanci tunda wayar hannu ba ta kai rauta ƙarfin aikawa ba, kuma amsarta ce takan fara ɓacewa.

Abin da ke ɓata wannan aiki yawanci wayar eriya ce. Siririyar wayar eriya irin RG-58 tana cin kusan desibel 1 a kowace mita a zangon 2.4. Wanda ya ja mita 10 daga falo zuwa kan rufi ya zubar da 10 cikin 14. Saura 4, ƙasa da abin da eriyar 5 dBi take ba shi ba tare da waya ba. Mai kauri irin LMR-400 ba ta cin rubu'in desibel a mita, amma tana da tsada, tana da taurin lanƙwasawa. Idan nisan ya wuce 'yan mitoci, gara a sayi na'urar waifai ta waje, a ɗaura ta a bango, a kai mata intanet ta wayar etanet, wadda ke tafiya har mita 100 lafiya lau.

Akwai kuma ruɗanin da ya shafe mu kai tsaye, tunda yawancin gidajenmu rauta mai cin sim ce ke ba su intanet. A irin waɗannan, ramuka biyun da ke baya galibi na kama siginar 4G ne daga turken kamfanin waya, ba na waifai ba. Eriyar da aka ɗaura a nan ba za ta kai waifai ɗakin kowa ba. Amma idan ciwon daga turken yake, ita ce maganin, musamman a gida mai rufin kwano a bayan gari. Kafin saye a duba bakin ramin: na waifai yawanci RP-SMA ne, na 4G kuma SMA ko TS-9. RP-SMA da SMA suna ɗauruwa da juna tsaf, amma allurar tsakiya ba ta haɗuwa, sigina ba ya wucewa.

Gane inda ciwon yake ba wuya. A sa manhajar auna waifai a waya, a tsaya a ɗakin, a karanta lambar dBm. Daga -50 zuwa -67 lafiya lau, -80 kuwa ya yi rauni. A sauya abu ɗaya kawai, a jira rabin minti, a sake karantawa a wuri guda, domin lambar takan yi rawa da desibel 2 ko 3 ko ba a taɓa komai ba. Idan ɗakin yana nuna -60 amma bidiyo yana tsayawa, galibi waifai ba shi da laifi. Sai a buɗe shafin rautar, wanda a wasu yake 192.168.8.1, a duba RSRP. Idan yana wajen -110 ko ƙasa da haka, a fara kai rautar bakin tagar da ke fuskantar turken a sake dubawa. In lambar ta tashi sosai a taga, eriyar waje a kan dogon ƙarfe za ta ƙara a kan haka, muddin wayarta gajeriya ce.