Reshe, Wakili da Mai Gida: Salo Uku na Rarraba Ikon Gwamnati

Duk gwamnatin da ta ce za ta kai mulki kusa da jama'a, akwai tambayar da ya kamata a yi mata: me za a kai kusa ɗin, ofis ne, aiki ne, ko kuwa iko? Masana harkar mulki, musamman Dennis Rondinelli a rubuce-rubucensa na farkon shekarun 1980, sun bambanta salo uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne buɗe rassa, na biyu wakilta aiki, na uku kuma mallaka iko. Ba sai an je nesa ba, a Jihar Kano kaɗai ana iya ganin ukun suna aiki kafaɗa da kafaɗa.

Mu fara da buɗe rassa, wanda shi ne mafi rauni. A nan gwamnatin tsakiya ba ta saki komai ba, ma'aikatanta kawai ta tura jihohi domin su yi aiki da sunanta. Kwamishinan 'yan sanda misali ne a fili. Ofishinsa yana Kano, amma ba Kanawa suka zaɓe shi ba, ba gwamna ya naɗa shi ba, kuma takarda guda daga Abuja ta isa ta mayar da shi wata jiha. Sashe na 215 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna damar ba shi umarni kan tsaro, amma ya ba kwamishinan damar ya nemi a fara kai maganar ga shugaban ƙasa ko minista kafin ya aiwatar. Haka gwamnoni da shugabannin gundumomi suke a Jamhuriyar Nijar, naɗa su ake yi daga Yamai, tsarin da aka gada daga Faransa. Wani ɗan siyasar Faransa na ƙarni na 19, Odilon Barrot, ya kwatanta wannan salo da guduma: ita ce dai take bugu, ƙotarta kawai aka rage wa tsawo. Amfaninsa shi ne sauri da daidaito, domin doka ɗaya ake bi ko'ina. Illarsa kuwa, idon jami'in yana kan wanda ya turo shi, ba kan waɗanda yake zaune a cikinsu ba.

Salo na biyu, wakilta aiki, ya ɗara wannan. Gwamnati takan kafa hukuma da doka, ta ba ta majalisar gudanarwa da kasafin kuɗinta, ta damƙa mata wani aiki takamaimai. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a Kano, tana cikin irin hukumomin da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Ita ke kula da madatsar ruwa ta Tiga da hanyoyin ruwan da manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam suka dogara da su. Ita ke tsara lokacin sakin ruwa, ta gyara magudanai, ta karɓi kuɗin ruwa daga manoma, ba tare da ta jira sa hannun minista a kan kowace ƙofar ruwa ba. An yi haka ne da hikima, domin kogi bai san iyakar jiha ba, ruwan da ya bar Tiga yana ratsa Jigawa ya nufi Yobe.

Sai dai ikon wakili aro ne. Gwamnatin tarayya ce ke naɗa shugabannin hukumar, kuma ma'aikatar albarkatun ruwa ce ke sa mata ido. Tarihin waɗannan hukumomi ya nuna haka: an fara da 11, a cikin shekarun 1980 aka ƙara su zuwa 18, sannan aka sake mayar da su 11, aka kuma rage musu ayyuka. Manomin da ruwa bai kai gonarsa ba yana iya kai kuka, amma ba shi da ƙuri'ar da zai kayar da manajan hukumar.

Salo na uku, mallaka iko, shi ne wanda ake sakin igiya da gaske. Ana kafa gwamnati ta daban, mai iyakokinta, mai zaɓaɓɓun shugabanni, mai ikon yin dokoki da tara haraji, kuma ba a iya ƙwace ikon sai an gyara doka ko kundin tsarin mulki. Kenya ta yi haka a kundinta na 2010: ta kafa gundumomi 47 masu zaɓaɓɓun gwamnoni da majalisu, ta kuma wajabta a ba su aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A Najeriya, a kan takarda, ƙananan hukumomi 774, ciki har da 44 na Kano, suna wannan aji. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun kansiloli, an jera musu ayyuka irin su kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da kwashe shara, kuma kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya rabonsu ne.

To, a nan gizo ke saƙar. Sashe na 162 ya ce kuɗin nan su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A jihohi da dama sai ya zama ciyaman ba ya ganin abin da aka turo, sai abin da ya rage bayan an cire na albashin malaman firamare da na ayyukan da jiha ta zaɓa da kanta. Idan rumfunan kasuwa suka ƙone, sai ya rubuta takarda zuwa ma'aikatar ƙananan hukumomi yana neman izinin kashe kuɗin da doka ta ce nasa ne. In kuma gwamna ya rushe majalisar ya naɗa kantoma, magana ta ƙare: sunan mai gida ne, amma aikin reshe ake yi. Wannan ne ya sa Kotun Ƙoli, a ranar 11 ga Yuli, 2024, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta mulkin shugabannin riƙo. Makamancin koma-bayan naɗa kantoma ya faru a Nijar: an fara zaɓen majalisun ƙananan hukumomi a 2004, amma a Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe su ta naɗa masu riƙo.

Kada a ɗauka mallaka iko maganin kowace cuta ne. Ƙaramar hukumar da ba ta da injiniya ko ƙwararren akanta ba za ta iya riƙe madatsar ruwa ba, kuma wadda kasuwarta ba ta kawo haraji za ta ci gaba da miƙa ƙoƙon bara ko da doka ta 'yanta ta. Bayan haka, in babu zaɓe na gaskiya da binciken kuɗi, iko yakan tsaya a hannun 'yan tsirarun masu faɗa a ji na gari. Bayar da fasfo ya fi dacewa da reshe, kula da kogi ya fi dacewa da wakili, kasuwa da shara kuwa sai mai gida.

Saboda haka, mai karatu, in an sake yi maka alƙawarin kawo mulki ƙofar gidanka, yi tambaya uku. Wa ke naɗa shugaban wurin, kuma wa ke iya cire shi? Ta wace hanya kuɗi ke shigowa, kuma sa hannun wa ake jira kafin a kashe? Me ake buƙata kafin a ƙwace ikon, takardar ofis ko gyaran kundin tsarin mulki? In duk amsoshin suna komawa babban birni, to ofis aka kawo maka, iko yana can inda yake.